Yadda kalma guda ke sauya kamannin hoto

Tun daga shekarar 2022, lokacin da manhajojin zana hoto irin su Midjourney da Stable Diffusion suka shiga hannun jama'a, masu amfani da su suka lura cewa kalmar da aka zaɓa domin bayyana salon zane kan sauya har abin da ke cikin hoton.

A ɗauki misalin mai shayi a gindin darbejiya da asuba. Ana iya rubuta wa manhajar umarni kamar haka:

```
a tea seller under a neem tree at dawn, watercolour
```

Kalmar ƙarshe, watercolour, na nufin zanen fentin ruwa. Launuka za su fito da haske, suna narkewa cikin juna, kuma tururin tukunyar shayi ya kan fito da kyau. Sai dai ƙananan abubuwa, kamar aikin da ke jikin hular mai shayin, sukan dushe.

Idan aka musanya ta da oil painting, wato zanen fentin mai, hoton kan yi duhu, inuwa ta yi kauri, haske ya taru a fuska.

A nan ne ya kamata a lura. Manhajar ta koyi ma'anar kalmomi ne daga ɗimbin hotuna da bayanan da ke tare da su, kuma da yawa daga cikin zane-zanen fentin mai na Turai ne. Saboda haka tana iya sauya wa mai shayin tufafi, ko ta mayar da rumfarsa tamkar wani ƙauyen Turai na da. Maganin wannan shi ne a fayyace sutura da wuri dalla-dalla a cikin umarnin.

Shi kuwa flat vector yana rage inuwa ne matuƙa, ya bar siffofi masu launi bai ɗaya. Ya dace da fosta, amma sunan na da ruɗi: galibin manhajojin ba sa bayar da ainihin fayil na SVG, sai PNG ko JPEG, wanda kan dusashe idan aka faɗaɗa shi a kan babban allon talla.

Salon pixel art kuma yana gina hoto da ƙananan murabba'ai, kamar wasan Super Mario Bros. na 1985. Fuskar mai shayin ba za ta wuce 'yan ɗigo ba.

Mai son kwatanta salon da gaske sai ya bar sauran umarnin yadda yake, ya kuma tsayar da lambar seed, wadda ke ƙayyade mafarin zanen, a manhajojin da suka ba da damar hakan. In ba haka ba, ba zai san ko kalmar ce ta kawo sauyin ba, ko kuwa dace ne kawai.