Yadda Ake Raba Rumfuna a Kasuwar Baje Koli

Kafin a buɗe Kasuwar Duniya ta Kaduna da ke Rigachikun a kan hanyar Zariya, ko ta Kano da ke titin Gidan Zu, an riga an yanka filin a kan taswira, kowane gurbi da lambarsa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masana'antu na jihohin ne ke shirya su, kuma su ke rabon wuri ga masu baje haja.

Wuri iri biyu ne. Akwai rumfar cikin zaure wadda ake ba mutum a kafe, da bango da allon suna. A kasuwannin baje koli, ƙaramar rumfa yawanci mita 3 ce tsawo, mita 3 faɗi, wato murabba'in mita 9, mai buƙatar ƙari kuma sai a haɗa masa biyu. Akwai kuma filin waje, wanda ya fi dacewa da masu taraktoci, injin ban-ruwa ko motoci. Shi wannan fili ne zalla, mai haya ne zai kafa rumfarsa.

Da murabba'in mita ake lissafin kuɗi. A ce, don misali, na cikin zaure naira 10,000 ne, na waje kuma naira 4,000. Mai sayar da turaren wuta za ta biya naira 90,000 ta kama ƙaramar rumfa, tana zuwa sai jera kwalabe. In ta ɗauki murabba'in mita 18 a waje, naira 72,000 ne, amma katako da kwano da ladan kafinta da jan wutar lantarki duk a wuyanta suke. In aka tara, sau da yawa mai arhar ne ke zama mai tsada.

Rumfunan kusurwa da na bakin ƙofa su ake rububi, domin jama'a na wucewa ta gefe biyu. Galibi wanda ya riga biya shi ke zaɓa. Masu shiryawa kan karɓi kafin alƙalami, su sa ranar cika sauran, saboda da kuɗin ne za su kafa rumfuna, su ɗauki masu gadi, su buga kundin sunayen mahalarta. Wanda wa'adi ya wuce bai cika ba, ana iya ba wani gurbinsa, shi kuma a tura shi lungu, wani lokaci har kafin alƙalamin ya salwanta.

Saboda haka kada ka dogara da alkawarin baki. Ka biya cikin asusun ƙungiyar, ba hannun ɗan tsakani ba, ka karɓi rasit da takardar rabon wuri mai ɗauke da lambar rumfa da girmanta. Ranar shiga kuma ka zo da tef ka auna, domin gyara ya fi sauƙi kafin maƙwabcinka ya buga ƙusa.