Ko Kun Sani? Rigakafin Gudawa Yana da Wa'adi

Rigakafin kwayar cutar rota ba allura ba ce, digo ne a baki, kuma yana da wa'adi. Ana fara shi jariri yana da mako 6, a bar mako 4 tsakanin digo da digo. Dā ba a farawa bayan mako 15, don gudun sarkewar hanji, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta, sai dai ban da wanda ya wuce wata 24. Wasu kan ce yaro ya sha, ga shi yana gudawa. Gaskiya ne, ai ba rota kadai ke kawo ta ba. Kada a dauke nono: hanji yana karbar abinci ko da ana zawo, sai a kara da ruwan gishiri da sukari.