Ƙa'idar Liouville: Yadda Iyaka Ke Daskarar da Lissafi, Ta Kuma Tono Saiwar Aljabra

Duk wanda ya yi lissafi a sakandare ya san cewa x² + 1 = 0 ba ta da amsa a cikin lambobin da muke ƙirga kuɗi da su, domin kowace lamba aka ninka da kanta ba ta sauka ƙasa da sifili. Masana sun warware wannan ta hanyar ƙara lamba guda, wadda suke rubutawa i, mai sharaɗin cewa i² = −1. Daga nan aka samu haɗaɗɗun lambobi irin su 3 + 4i. Tambayar da ta biyo baya ita ce: idan aka zo da lissafi mafi tsawo, kamar z⁴ + z + 1 = 0, sai an sake ƙirƙiro wata sabuwar lamba ke nan? Amsa ita ce a'a, i kaɗai ta wadatar. Wannan shi ne babban ginshiƙin aljabra. Albert Girard ya faɗe shi a 1629 ba tare da hujja ba, d'Alembert ya gwada kafa hujja a 1746, Gauss kuma ya rubuta kundin digirinsa a kai a 1799. Hujja mafi gajarta da ake koyarwa yau tana bi ne ta wata ƙa'ida mai ɗauke da sunan Joseph Liouville, Bafaranshe, ko da yake Cauchy ya riga ya wallafa ta a 1844.

Fili maimakon layi

Lambobin yau da kullum suna zaune a kan layi, amma haɗaɗɗun lambobi fili suke cikawa. Lambar 3 + 4i wuri ce: taku uku gabas, taku huɗu arewa. Girmanta, wanda ake rubutawa |z|, shi ne nisanta daga sifili, a nan 5.

Fankishin kuwa dokar lissafi ce da za ka ba ta lamba ta mayar maka da wata, kamar f(z) = z². Ana kiran fankishin cikakke idan yana aiki a ko'ina cikin filin, kuma a kowane wuri yana da saurin canji guda ɗaya tak, ko ta wace fuska aka tunkaro wurin. Wannan sharaɗi yana da tsauri. A kan layi fuska biyu ce kawai, dama da hagu, amma a fili fuskoki ba su ƙirguwa, kuma dole duka su ba da amsa ɗaya. Duk folinomiyal, wato jimla irin z⁴ + z + 1, cikakke ne. Haka eᶻ da sin z.

Ƙa'idar Liouville ta ce: idan cikakken fankishin yana da iyaka, wato akwai wata lamba M da girman amsarsa ba ya taɓa wucewa, to fankishin ɗin tsayayye ne, amsa ɗaya yake bayarwa a ko'ina.

Ɗalibi mai lura zai yi gardama nan take. Ai sin x ba ya wuce 1, ba ya ƙasa da −1, kuma kullum hawa da sauka yake yi. Gaskiya ne, amma a kan layi kawai. Da an kauce arewa labari ya canja: girman sin(10i) ya haura 11,000. Shi ma 1/(1 + x²) bai taɓa wuce 1 a kan layi ba, amma a wurin z = i sai ya zama raba ɗaya da sifili, don haka ba cikakke ba ne. Kowane misalin da ake zaton ya karya ƙa'idar, ɗayan biyu ne: ko dai yana ƙetare iyaka a wani sashen fili, ko yana fashewa a wani wuri.

Tsakiya ba ta da ta cewa

Sirrin yana cikin wata ɗabi'a ta cikakken fankishin: amsarsa a kowane wuri daidai take da matsakaicin amsoshinsa a kan duk da'irar da aka zana kewaye da wurin.

Mu gwada da f(z) = z², tsakiya a 1, da'ira mai nisan taku ɗaya. Wurare huɗu a kanta su ne 2, da 1 + i, da 0, da 1 − i. Idan aka ninka kowanne da kansa za a samu 4, da 2i, da 0, da −2i. Jimlarsu 4, matsakaicinsu 1, wanda shi ne f(1) daidai.

Dalilin ba boyayye ba ne. Daga aikin Cauchy an san cewa kowane cikakken fankishin ana iya rubuta shi kewaye da wuri a a matsayin c₀ + c₁(z − a) + c₂(z − a)² da sauransu. Yayin da z ke zagaya da'ira, (z − a) yana fuskantar kowane ɓangare daidai wa daida, don haka abin da ya bayar a gabas sai ya kwashe a yamma. Shi ma (z − a)² haka yake, sai dai zagaye biyu yake yi. Kowane kaso yana soke kansa, sai c₀ kaɗai ya rage, shi ne kuma f(a). Tun da hakan ya tabbata ga kowace da'ira, ƙarama da babba, ya tabbata ga dukan faifan da da'irorin suka cika: amsar tsakiya ita ce matsakaicin faifai gaba ɗaya, komai faɗinsa.

Faifai biyu

A 1961 Edward Nelson, masanin lissafi ɗan Amurka, ya wallafa hujja da ba ta wuce sakin layi ɗaya ba, kuma da ita za mu yi aiki.

Ɗauki wurare biyu, a da b, nisan da ke tsakaninsu d. Kewaye kowanne da faifai mai nisan R daga tsakiya zuwa baki. Kamar ka ɗora faifan tankaɗe biyu masu girma ɗaya ne, ka ɗan zame na sama kaɗan: kusan duk jikinsu a haɗe yake, sai siririn baki da ya leƙo ta nan, wani ta can. To f(a) matsakaicin faifai na farko ne, f(b) na biyu. Inda suka haɗu amsoshin iri ɗaya ne, don haka duk bambancin da zai shiga tsakanin f(a) da f(b) daga bakin nan biyu zai fito.

Sai a auna. Faɗin kowane faifai πR² ne. Kowane baki da ya leƙo bai wuce 2Rd ba, biyun ba su wuce 4Rd ba. A nan iyaka take shigowa: a cikin bakin nan girman f bai wuce M ba. Saboda haka

|f(a) − f(b)| ≤ 4Md/(πR)

A ce M = 5, d = 1. Idan R ya zama 10, bambancin bai wuce 0.64 ba. Idan R ya kai 1,000, bai wuce 0.0064 ba. Idan ya kai miliyan, bai wuce 0.0000064 ba. Amma f(a) da f(b) ba su motsa ba, mu ne muke faɗaɗa faifai. Lambar da ta gaza kowace lamba komai ƙanƙantarta sifili ce kawai. Ke nan f(a) = f(b), kuma tun da kowane wurare biyu za a iya ɗauka, f tsayayye ne.

Kowane sharaɗi ya yi aikinsa. Cikar fankishin ce ta ba mu damar faɗaɗa R ba tare da mun ci karo da wurin fashewa ba. Iyakar ce kuma ta hana siririn bakin nan rinjayar matsakaici. Da babu ita, amsoshin da ke can nesa za su iya ƙaruwa fiye da yadda bakin ke sirancewa, kamar yadda sin z ke yi.

Yadda saiwa ke fitowa dole

Yanzu mu koma ga p(z) = z⁴ + z + 1. A kan layi ba ta taɓa sauka sifili, mafi ƙanƙantar amsarta ta ɗan haura rabi. Mu ƙaddara cewa a cikin filin ma ba ta da saiwa, wato babu z da zai sa p(z) = 0, mu ga inda zancen zai kai mu.

Idan haka ne, g(z) = 1/p(z) yana aiki a ko'ina, tun da ba a taɓa raba wa da sifili ba, kuma cikakke ne. Saura a duba ko yana da iyaka. A raba filin gida biyu da da'ira mai nisan 2 daga sifili.

A waje, z⁴ ya fi ƙarfin sauran. A kan da'irar girmansa 16 ne, z kuma 2, sai 1. Ko da waɗannan biyun sun haɗu suna ja da baya, |p| bai gaza 16 − 2 − 1 = 13 ba, kuma ƙara nisa ƙara girma. Saboda haka a waje |g| bai wuce 1/13 ba.

A ciki kuwa, faifai ne rufaffe mai iyakantaccen faɗi, g kuma ba ya tsalle ba ya fashewa a kansa. Sanannen abu ne cewa irin wannan fankishin yana da ƙololuwar da ba ya wucewa a irin wannan wuri. A ɗauki wadda ta fi girma tsakanin wannan ƙololuwa da 1/13, an samu M.

Ke nan g cikakke ne mai iyaka, Liouville kuma ta ce tsayayye ne. Amma p(0) = 1, p(1) = 3, don haka g(0) = 1, g(1) = 1/3. Magana ta ci karo da kanta. Abu ɗaya muka ƙaddara, shi ne rashin saiwa, don haka shi ne ƙarya. In an lissafa, saiwoyin huɗu ne: kusan −0.727 ± 0.430i da 0.727 ± 0.934i, duk a cikin da'irar nan.

Wannan hanya tana aiki ga kowace folinomiyal da ba tsayayya ba, domin kaso mafi girman daraja kullum yana rinjaye a nesa. Da an samu saiwa ɗaya r, sai a raba p da (z − r), daraja ta ragu da ɗaya, a maimaita. Haka folinomiyal mai daraja n take samun saiwa n, idan an ƙirga masu maimaituwa, kamar yadda (z − 1)² take da 1 sau biyu.

Inda hujjar ta tsaya

Wani zai tambaya: me ya hana wannan dabara tabbatar da cewa kowane cikakken fankishin yana da saiwa? Ga eᶻ, cikakke ne, kuma bai taɓa zama sifili ba. Juyinsa, 1/eᶻ, cikakke ne shi ma, amma ba shi da iyaka: a z = −10 ya haura 22,000. Folinomiyal tana girma ta kowace fuska aka nufa, shi kuwa eᶻ girma yake yi ta gabas yana ƙanƙancewa ta yamma. Duk wanda zai yi amfani da wannan hujja, matakin da ya kamata ya fi bincikawa ke nan.

Na biyu, hujjar ta ce saiwa tana nan, amma ba ta nuna inda take ba, ban da cewa tana cikin da'irar da aka zana. Abel ya tabbatar a 1824 cewa daga daraja ta biyar babu wata dabara ta bai-ɗaya, irin ta kwadiratik da ake haddacewa a makaranta, da za ta fitar da saiwoyin. Injiniyan da ke son sanin ko na'urarsa za ta daidaita ko za ta yi ta rawa yana neman saiwoyin ne ta hanyar kusantowa mataki-mataki, irin hanyar Newton. Abin da ginshiƙin aljabra ya ba shi shi ne adadin da zai nema: idan darajar lissafinsa bakwai ce ya samo saiwa shida, ya san da sauran ɗaya.