Fitilar Ɗakin Jarirai da Kalmar da Ta Fi Ƙarfin Bincike

A watan Mayu na 1999 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani ɗan gajeren rahoto da ya hana iyaye da yawa barci. Likitocin ido a wani asibitin yara da ke birnin Filadelfiya na Amurka sun tambayi iyayen yara 479, masu shekara 2 zuwa 16, yadda ɗakin barcin yaran yake da dare kafin su cika shekara biyu. A cikin yaran da suka kwana cikin duhu, kashi 10 cikin ɗari ne ke fama da rashin ganin nesa. A cikin waɗanda aka bar wa 'yar ƙaramar fitila mai haske dishi-dishi, kashi 34. Waɗanda kuwa aka bar wa fitilar ɗaki tar har gari ya waye, kashi 55.

Alƙaluman sun jeru kamar matakala: iya hasken, iya matsalar. Kafin a ce kwabo labari ya zagaye jaridu da gidajen talabijin, kuma saƙon da ya isa kunnen iyaye shi ne fitilar dare tana lalata idon jariri. Su masu binciken sun faɗa a cikin rahoton cewa abin da suka gano bai tabbatar da cewa hasken ne sanadi ba, ko da yake sun ba da shawarar a riƙa kashe fitila don rigakafi. Shawarar ta yi tafiya mai nisa, gargaɗin kuwa aka bar shi a tasha.

Shekara ba ta zagayo ba, a watan Maris na 2000, mujallar ta sake buga sakamakon wasu ƙungiyoyi biyu. Ta farko, ƙarƙashin Karla Zadnik ta Jami'ar Jihar Ohio, ta duba yara 1,220, ta tarar rashin ganin nesa kusan ɗaya yake a rukunan uku: kashi 20 ga 'yan duhu, 17 ga masu ƙaramar fitila, 22 ga masu fitilar ɗaki. Matakalar ta rushe. Ta biyun, ta Jane Gwiazda a Boston, ita ma ba ta ga alaƙar ba, amma ta lura da wani abu: iyayen da su kansu ba sa ganin nesa sun fi barin fitila a ɗakin jariri.

To, nan gizo ke saƙar. Uwa ce ta farka ƙarfe biyun dare don jariri yana kuka. Tabaranta na can wani wuri, ba ta ganin gabanta sosai, tana laluben bango. Gobe sai ta bar fitila a kunne. Rashin ganin nesa kuwa yana bin jini, ɗan da iyayensa biyu ke sa tabarau ya fi saura yiwuwar sa shi. Ke nan idon uwar ne ya kunna fitilar, idon uwar ne kuma ɗan ya gada. Binciken farko bai sa idon iyaye cikin lissafinsa ba, ga shi kuma yaran da ya duba waɗanda aka riga aka kawo asibitin ido ne, sannan ya dogara da abin da iyaye suka iya tunawa na shekarun baya.

Manomi a ƙasar Hausa ya san wannan darasi ba tare da ya shiga aji ba. Shamuwa na sauka bisa itatuwan gari, kwana kaɗan sai ga ruwan farko. Shekara da shekaru haka ake gani, har ana kiranta mai busharar damina. Amma da fari zai yi, babu mai hankalin da zai tafi kamo shamuwa don sama ta zubo. Sauyin yanayi ne ya kawo tsuntsuwar, shi ne kuma ya kawo hadarin.

Irin binciken Filadelfiya shi ake kira binciken sa ido. Mai bincike ba ya taɓa komai, yana kallon mutane yadda suka zaɓi rayuwarsu, yana ƙirgawa. Abin da zai iya rantsewa a kai shi ne abu kaza da abu kaza suna tafiya tare. Dalilin tafiyar tasu tare na iya zama ɗaya ne ke jawo ɗaya. Yana iya zama wani abu na uku ne ke jan su duka biyu, kamar idon uwar. Yana iya zama an juya maganar ne: idan aka ga masu yawan barci sun fi mutuwa da wuri, mai yiwuwa ciwon da ke cin su ne ke kwantar da su, ba barcin ne ya kashe su ba. Yana kuma iya zama dace kawai, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Gwaji na ƙuri'a dabam yake. A nan mai bincike ne ke raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ya ba gida ɗaya magani, ya ba ɗayan ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta. Tun da ƙuri'a ba ta san mai kuɗi ba, ba ta san mai motsa jiki ba, sai gidajen biyu su zo kusan daidai ta kowace fuska, har ta fuskar da ba wanda ya yi tunanin aunawa. Bambancin da ya fito daga baya, maganin ne ke da alhakinsa.

A maganar fitila asarar ba ta wuce fargaba ba. Akwai inda ta fi haka tsada. Tun 1976 masu bincike na Jami'ar Harvard suke bibiyar lafiyar mata ma'aikatan jinya 121,700. Wannan bincike da wasu irinsa sun nuna cewa matan da ke shan ƙwayoyin homon bayan sun daina al'ada sun fi sauran tsira daga ciwon zuciya, da tazara mai yawa. A bakin likitoci da shafukan jaridu, "sun fi tsira" ta rikiɗe ta koma "yana kare zuciya", aka yi ta rubuta wa miliyoyin mata maganin. Sai da aka yi gwajin ƙuri'a kan mata 16,608 masu shekara 50 zuwa 79, wanda aka dakatar a Yulin 2002 tun wa'adinsa bai cika ba, sannan aka ga ba haka ba ne. A kowace shekara, cikin mata 10,000 masu shan haɗin homon ɗin 37 ne suka gamu da ciwon zuciya, a masu shan ƙwayar banza kuwa 30. Shanyewar jiki da sankarar mama su ma sun ƙaru. Har yau masana na tattauna ko shekarun da mace ta fara shan maganin suna sauya lissafin, amma wani ɓangare na bayanin a fili yake: matan da suka nemi maganin da kansu galibi sun fi ilimi da abin hannu, sun fi zuwa ganin likita, sun fi kula da jikinsu tun asali.

Masu binciken sa ido ba sakarkaru ba ne. Suna ƙoƙarin cire tasirin shekaru, shan taba, ƙiba da makamantansu ta hanyar lissafi. Matsalar ita ce abin da aka auna kaɗai ake iya cirewa. Halin mutumin da ke shan maganinsa kan lokaci kuma yake bin maganar likita ba ya shiga takardar tambayoyi cikin sauƙi.

Shi ya sa zaɓen kalma ba ƙawa ba ce. A Hausa kalmomin sanadi sanannu ne: haddasa, jawo, haifar da, sa, hana, kare, warkar. Akwai kuma waɗanda ke shigowa a ɓoye. "Yana rage haɗarin" da "yana ƙara haɗarin" suna da kamannin taka-tsantsan, alhali duk mai ragewa ko ƙarawa mai aikatawa ne. "Illar kaza", "amfanin kaza" da "sakamakon kaza" duk sun riga sun yanke hukunci. Hatta "mai yiwuwa yana jawo" bai kuɓuta ba, domin mai sauraron rediyo da ke tuƙi ko tuƙa tuwo yakan zubar da "mai yiwuwa" ya riƙe "jawo".

A ɗauki labarin fitilar a matsayin aikin edita. Kanun farko da zai zo wa mutum a rai shi ne "Barin fitila da dare na lalata idon jarirai". Wanda binciken zai iya ɗauka shi ne "An fi samun rashin ganin nesa ga yaran da suka kwana da fitila suna jarirai". Ya fi tsawo, bai kai na farko jan ido ba, amma har bayan binciken 2000 bai zama ƙarya ba, domin abin da aka ƙirga a asibitin nan ya faɗa. A jimla ta biyu sai a ce iyaye aka tambaya, ba gwaji aka yi ba, kuma ba a duba ko iyayen na sa tabarau ba. Jimlar "yana da alaƙa da" ita ma tana aiki, sai dai an yi ta amfani da ita a wuraren da ake nufin sanadi har ta soma ɗaukar warinsa. "An fi samu a cikin" da "suna tafiya tare" sun fi ta tsabta.

Laifin ba na 'yan jarida kaɗai ba ne. A 2014 mujallar likitoci ta BMJ ta buga nazarin da masu bincike na Jami'ar Cardiff suka jagoranta kan sanarwar manema labarai 462 da manyan jami'o'in Birtaniya 20 suka fitar a 2011. Kashi 33 cikin ɗari na waɗanda suka shafi binciken alaƙa sun kambama shi zuwa sanadi. Inda sanarwar ta kambama, kashi 81 na labaran jaridu sun bi sahu. Inda ba ta yi ba, kashi 18 ne kawai. Wato tun daga gindin rijiya ruwan ke gurɓacewa. Labarin da zai iso wayar mai karatun Hausa kuwa ya bi ta hannun mai fassara, wanda sau da yawa kanu kawai ya gani.

Duk da haka kada a ɗauka binciken sa ido ba ya taɓa kaiwa ga sanadi. Ba wanda ya taɓa jefa ƙuri'a ya tilasta wa rabin mutane busa sigari shekara talatin, amma yau ana cewa taba na haddasa sankarar huhu ba tare da inda-inda ba. Richard Doll da Austin Bradford Hill sun wallafa bincikensu na asibitocin Landan a 1950, sannan daga 1951 suka shiga bibiyar likitocin Birtaniya kimanin 40,000. Abin da ya ba kalmar "haddasa" izinin fita tarin hujjoji ne. Tazarar ba ƙarama ba ce, mashayi ya ninka wanda ba ya sha yiwuwar kamuwa sau 15 zuwa 30, kuma da wuya wani ɓoyayyen abu na uku ya iya samar da irin wannan rata. Shan yana riga ciwon da shekaru. Mai yawan sha ya fi mai ɗan sha, wanda ya daina kuma haɗarinsa na sauka. An maimaita binciken a ƙasashe dabam-dabam aka sami abu ɗaya, aka kuma gano sinadaran sankara a cikin kwaltar hayaƙin.

Matakala ita kaɗai ba ta isa ba, domin labarin fitila ma yana da tasa. Abin da ya rasa shi ne maimaici: da wasu suka sake aunawa, sai ya watse cikin wata goma. Ita taba kuwa, daga rahoton 1950 zuwa ranar da babban likitan gwamnatin Amurka ya fito a Janairun 1964 ya ce sigari sanadin sankarar huhu ce ga maza, shekara kusan 14 aka yi ana tara hujja. Shi Doll bai jira wannan sanarwa ba. Mashayi ne lokacin da ya fara aikin, ya kuma yar da tabarsa tun yana tsakiyar ƙirga takardun marasa lafiya.