"A Ba Ni Irin Wannan" Ba Sunan Magani Ba Ne

Na gaji da ganin mutum ya shiga kemis, ya kwance bakin leda, ya zaro ƙwaya guda tsirara, ya ce, "A ba ni irin wannan." Babu kwali, babu kati, babu takardar likita. Abin haushin ma, wani mai kemis ɗin sai ya juya ta a tafin hannu, ya gyaɗa kai, ya miƙo wata.

Jama'a, kama da wane ba ta wane. Launin ƙwaya da siffarta kamfani ne ke zaɓa. Magani ɗaya, wannan kamfanin ya buga shi zagayayye, wancan ya yi shi dogo. Haka kuma magunguna biyu da ba su haɗa komai ba suna iya fitowa kamar tagwaye.

Mu ɗauki gidan da maigida ke shan Amlodipine saboda hawan jini, uwargida kuma tana shan Glibenclamide saboda ciwon suga. Sau da yawa dukansu ƙananan farare ne, kuma kowanne akwai mai miligiram 5. In aka ɓare su aka zuba a leda ɗaya, wa zai rantse? Maigidan da ba shi da ciwon suga, in ya haɗiye na matarsa, sugan jininsa na iya faɗuwa: zufa ta karyo masa, jiki ya ɗauki rawa, jiri ya kwashe shi, wataƙila har ya suma. A nan sai a fara zancen iska, alhali ledar ce.

To, me ake dubawa? Kwali yakan ɗauki suna biyu. Mai manyan baƙaƙe na kasuwa ne, ƙaramin da ke ƙasansa shi ne ainihin maganin, shi za ka haddace. Kusa da shi akwai lamba da "mg", wato ƙarfinsa. Amlodipine akwai mai 5, akwai mai 10. Wanda likita ya ɗora a kan 5, in aka ba shi 10, ya ninka ke nan, ko da bai ƙara ƙwaya ko ɗaya ba. Kumburin ƙafa da jiri na iya biyo baya.

Don haka kada ka ɓare ƙwaya sai za ka sha. In za a yanka maka kati, ka ce a bar ɓangaren da suna da ƙarfi suka fito. Ka riƙe tsohon kwali, ka tafi da shi kemis, a jera shi da sabon, a gwada rubutu da rubutu. Wanda bai iya karatun boko ba, ɗansa ko jikansa ya karanta masa. Ranar lalacewa da lambar NAFDAC ma a duba.

In sabon ya sauya kama amma suna da ƙarfi sun yi daidai, ka tambayi mai harhaɗa magani ya tabbatar maka. Ƙwayar da ta rabu da sunanta kuwa, don Allah kada ka sha, kada ka ba wani.