Intabiyu ta Bidiyo da Sabis Mai Rauni: A Fara Ceton Murya

A 'yan shekarun nan, wanda ya nemi aiki a ƙungiyar agaji ko kamfanin ƙasar waje, ko ya nemi tallafin karatu, da wuya a ce masa ya taso ya zo ofis a zagayen farko. Adireshin Zoom ko Google Meet ko Teams ake turo masa, a sa masa rana da lokaci. Daga nan fargabar mutumin Kano ko Maraɗi takan tashi daga tambayoyin da za a yi masa ta koma kan sabis. Yawanci abin da ake yi shi ne a sayi data mai yawa, a duba waya a ga sandunan sabis sun cika, a ce an shirya. Wannan shirin bai kai rabi ba.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, masu intabiyu sukan yi haƙuri da hoton da ya dushe ko ya tsaya cak na ɗan lokaci, amma ba sa iya auna mutumin da ba su ji abin da ya faɗa ba. Sa'ar da aka yi kuwa, murya ba ta da ci. Bisa ƙididdigar da kamfanin Zoom ya fitar, murya kaɗai tana buƙatar kilobit 60 zuwa 80 ne a daƙiƙa, alhali hoton bidiyo tsakanin mutum biyu yana neman kusan 600, mai kaifi sosai kuma 1,200. Wato hoto ya ninka murya ci wajen sau takwas. Layin da ya gaza ɗaukar fuskarka yana iya ɗaukar maganarka tas, in ka sauke masa nauyin hoton. Duk sauran shirin a kan wannan ya ginu.

Mu ɗauki misali. A ce wata matashiya a Zariya an sa mata intabiyu ranar Talata da ƙarfe uku na yamma, da wani kamfani a Landan. Abu na farko, ta tabbatar ƙarfe ukun waye: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Birtaniya daidai yake da na Najeriya da Nijar, sauran watannin kuma muna gabansu da awa ɗaya. Abu na biyu, ta gwada layinta ranar Litinin da ƙarfe uku daidai, a ɗakin da za ta zauna. Gwajin asuba yaudara ne, domin a lokacin mutanen unguwa ba su hau kan turken sabis ba tukuna.

Ta buɗe fast.com ta ga lamba 8 Mbps, ta yi murna. Amma wannan lambar saurin saukewa ce, wato abin da ke zuwa mata. Sai ta taɓa Show more info kafin ta ga Upload, saurin abin da take aikawa, kuma a ce ta tarar da 0.4. To a nan gizo ke saƙar. Da irin wannan layi ita za ta riƙa ganin masu intabiyun sarai tana jin su, ta ɗauka komai lafiya, su kuwa suna ganin fuskarta a daskare, muryarta tana zuwa musu guntu-guntu. Kilobit 400 bai kai 600 da hoto ke nema ba, amma ya wadaci murya har da rara.

Akwai abin da ya fi sauri muhimmanci, shi ne ɗorewa. Famfon da ke zuba kaɗan-kaɗan ba yankewa ya fi wa mai wanke-wanke amfani a kan wanda zai feso da ƙarfi ya ɗauke. Murya a intanet ana yanka ta ne ƙanana-ƙanana a aika. In wasu gutsattsarin suka ɓace a hanya ko suka iso a makare, babu lokacin sake aiko su, sai kalma ta fita da giɓi. Mai kwamfuta mai Windows zai iya auna wannan ta buɗe Command Prompt ya rubuta:

```
ping -n 100 8.8.8.8
```

Bayan kamar minti biyu za a ga sakamako a ƙasa. A duba wurin da aka rubuta Lost da kuma Average. In abin da ya ɓace bai wuce biyu cikin ɗari ba, matsakaicin jinkirin kuma yana ƙasa da 150ms, layin zai ɗauki hira. In ya kai biyar ko shida cikin ɗari, komai yawan lambar da fast.com ya nuna, murya za ta riƙa tsinkewa. Matashiyarmu sai ta yi wannan gwaji da kowane sim da take da shi, a ɗaki da kuma kusa da taga, domin katangar siminti da rufin kwano suna rage ƙarfin sabis, kuma taku kaɗan yakan sauya sakamako. Wanda ya ci shi ne babban layi, na biyu kuma ya zama na ko-ta-kwana, da sharaɗin ya kasance na wani kamfani daban. Sim biyu na kamfani ɗaya tare suke faɗuwa.

Idan da waya za a ba kwamfuta intanet, gara a haɗa su da igiyar caji a kunna USB tethering, maimakon a watsa ta iska. Haɗin igiya ya fi tsayuwa, wayar kuma tana samun ɗan caji. A lokacin zafin Afrilu a cire mata riga, kada a ajiye ta inda rana ke dukanta, don waya in ta yi zafi takan rage ƙarfin aikinta da kanta. Sannan ga wata matsala da mutane da yawa ba su lura da ita ba: a wayoyi da layuka da dama, kira na shigowa data take tsayawa ko ta faɗo ƙasa, musamman in kiran ya shigo ta ɗaya sim ɗin. Sa waya a shiru ba ya hana wannan. A kashe sim na biyun, a kuma gaya wa 'yan gida da abokai kada su kira a wannan awar, ko da don yi maka fatan alheri ne.

Kwamfutar ma tana da nata satar. Da ta ji intanet sai ta fara sauke sabuntawa ko aika hotuna zuwa ma'ajiya, ta cinye ɗan abin da ke akwai. A Windows a kunna Metered connection a kan layin, a rufe WhatsApp na kwamfuta da duk shafukan da ba a buƙata, a cire kowa daga kan layin. Batun yawan data kuwa ba shi da wuya: hira ta awa ɗaya da hoto matsakaici tana cin kusan megabait 540, murya kaɗai ba ta kai 100 ba. Gigabait biyu a kowane layi sun isa. Caji kuma a cika shi tun safe, a ɗauka cewa za a ɗauke wuta.

Yanzu ga muryar kanta. Makirfon da ke jikin kwamfuta yana nesa da baki, don haka yana kwaso komai: fanka, kukan akuya, amsa-kuwwar ɗaki. Iyafis mai igiya, irin na kasuwa mai ɗan makirfo a jiki, ya fi shi nesa ba kusa ba. A ganina ya ma fi mara igiya a wannan rana, domin ba ya mutuwa don rashin caji, ba ya kuma tsallakewa ya haɗu da wata waya ana tsakiyar magana. A lura kawai kada makirfon ya riƙa gogar mayafi ko wuyan riga. Ɗakin da ke da labule, katifa da darduma ya fi falo mai tayil da bango tsirara, don kayan laushi suna shanye amsa-kuwwa. Fanka a juya ta kada ta hura makirfo. Janareta kuwa, in da hali a kashe shi a dogara da batiri. In babu hali, a rufe tagar ɓangarensa, a shiga saitin sauti na Zoom a kai Background noise suppression zuwa High. Hanyar sanin gaskiya ita ce ka naɗi muryarka na rabin minti a wurin ka saurara, ko ka shiga zoom.us/test, inda ake yin gwajin ba tare da kowa ba.

Ranar intabiyu a shiga minti goma kafin lokaci, an riga an kashe HD a saitin hoto. A bar bangon ƙarya da ake sawa a baya, yana wahalar da ƙaramar kwamfuta. Bango fari da hasken taga a fuska sun wadatar. A fara da kyamara a kunne, a gaisa a ga juna. In aka ga saƙon Your internet connection is unstable, ko aka ce maka ka maimaita har sau biyu, kada ka jira na uku. Fara da tsayar da hoton da ke zuwa maka: a Teams ana kiransa Turn off incoming video, a Meet kuma ana mai da Receive resolution zuwa Audio only. Amma ka tuna matsalar matashiyar Zariya ta aikawa ce, don haka ita abin da zai cece ta shi ne kashe tata kyamarar, Alt+V a Zoom, Ctrl+E a Meet. Jimla ɗaya ta isa: "Zan kashe kyamara don ku ji ni da kyau." Ba sai an tsaya dogon ban-haƙuri ko zagin kamfanin waya ba. In hakan bai yi ba, sai a koma layi na biyu, wanda ya kamata yana kan wata waya a gefe, an riga an buɗe adireshin taron a kanta. A fita daga na'urar farko kafin a shiga da ta biyu, in ba haka ba su biyun za su riƙa kama muryar juna, ƙara ta cika taron.

Mataki na ƙarshe shi ne kiran waya na yau da kullum, wanda ba ruwansa da data. Wasu takardun gayyata suna ɗauke da lambar da za a kira a shiga taron, sai dai sau da yawa lambar ƙasar waje ce, kuma rabin awa a kanta kuɗi ne masu yawa. Abin da ya fi shi ne su su kira ka. Wannan kuwa ba a tsakiyar rikici ake shirya shi ba. Tun ranar da ka amsa gayyata ka rubuta musu layi biyu: intanet a wurinmu yakan yi rauni, in na yanke zan dawo cikin minti biyu, in ban dawo ba ga lambata a kira ni. Wasu suna jin kunyar wannan saƙo, suna ganin tallar talauci ne. Ni ban ga haka ba. Mai ɗaukar ma'aikacin da zai yi aiki daga nesa yana son ganin mutumin da ke hango matsala ya faɗe ta tun da wuri, kuma saƙon shaida ce a kan haka.

In ka yanke ka dawo, kada ka ɗauka sun ji duk abin da ka faɗa. Tambaye su inda maganarka ta tsaya, ka ɗora daga nan. Ka kuma saba da fara amsa da gundarinta kafin bayani, ta yadda ko layi ya tsinke a tsakiya, abin da ya fi muhimmanci ya riga ya isa. Mai intabiyu a makon nan, ya tura wancan saƙon yau, ya yi gwajin layinsa gobe a daidai lokacin da aka sa masa.