Motar biyan kashi-kashi: a daina rubuta kuɗin ruwa a matsayin kuɗin mota

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a littattafan masu gidan burodi da masu ruwan leda da ƙananan kamfanonin sufuri, kuma ta ishe ni. Mutum zai karɓo mota a kan zai riƙa biya kashi-kashi, sai akawunsa ya tattara duk abin da za a biya daga farko har ƙarshe ya rubuta cewa shi ne kuɗin motar. Idan ka yi magana a ce maka: "To ai abin da zai fita daga aljihunmu ke nan." Gaskiya ne shi zai fita, amma ba duka ne kuɗin mota ba. A cikinsa akwai kuɗin da aka ɗora maka saboda jinkirin biya, kuma wurin zamansa a littafi daban ne.

Tsarin sananne ne. Ka ba da kafin alƙalami, ka tafi da mota, kana aiki da ita kana biya, amma a shari'ance ba ta zama taka ba sai ka biya kashin ƙarshe. Duk da haka masu lissafi suna shigar da ita cikin kadarorinka tun ranar da ka karɓi makulli, domin kai kake cin moriyarta, kai ne kuma da asara idan ta lalace.

Mu ɗauki mai gidan burodi da ya karɓi motar rarraba kaya. Da zai biya lakadan, naira miliyan 9 ce. Ya ba da miliyan 3 kafin alƙalami, aka yi yarjejeniya zai biya miliyan 2.8 a ƙarshen kowace shekara har shekara uku. Jimillar abin da zai biya miliyan 11.4 ke nan. Cire miliyan 9 daga ciki, saura miliyan 2.4, shi ne kuɗin ruwa.

Masu rubuta miliyan 11.4 a shafin mota, ku tsaya ku yi tunani. Da maƙwabcinsa zai je wurin dillali ɗaya a rana ɗaya ya sayi irin wannan mota da kuɗi hannu, miliyan 9 zai rubuta. Shin ta mai burodi ta fi ƙarfin inji ne don an saye ta bashi? Idan ya kai ta kasuwa washegari, wa zai ƙara masa ko sisi don yana biyan kuɗin ruwa a kanta? Wanda ya yi wannan rubutu ya kumbura dukiyarsa da miliyan 2.4 da babu ita a ko'ina. Kuskuren kuma haihuwa yake yi. Idan an ƙiyasta motar za ta yi aikin shekara biyar, raguwar darajarta a kowace shekara miliyan 1.8 ce. Wanda ya fara da miliyan 11.4 zai riƙa cire miliyan 2.28, ya yi ta jan kuɗin ruwan har shekara ta biyar, alhali bashin ya ƙare tun a ta uku. Ribar farkon shekaru ta fi gaskiya yawa, ta ƙarshen kuma ta gaza. Idan da abokin tarayya a kasuwancin, ko kuwa da wannan littafin za a je banki neman jari, to an shiga haƙƙin wani, ko da ba da gangan ba. Akwai kuma masu zuba kowane biya gaba ɗaya a shafin kashe-kashe tare da kuɗin mai da na bakanike. Su motar ma ba ta bayyana a littafinsu.

Ga yadda ake yi. Ranar karɓar mota a buɗe shafi biyu. A shafin mota a rubuta miliyan 9. A shafin bashin mai mota a rubuta miliyan 9, a cire kafin alƙalamin da ya fita daga asusu, saura miliyan 6. Ba a rubuta ko kwabo na kuɗin ruwa a matsayin kashewa a wannan rana, domin lokaci ne yake haifar da shi, lokacin kuwa bai fara tafiya ba.

Sai rabon miliyan 2.4 a kan biya uku. Hanya mai sauƙi ita ce a raba daidai, naira 800,000 kowace shekara, amma ba ta dace da gaskiyar lamarin ba. A shekarar farko kuɗin mutane miliyan 6 ne a hannunka, a ta ƙarshe kuwa ko rabinsu ba su kai ba. Kamar hayar shago ne: wanda ya rage ɗakunan da ya kama ba zai ci gaba da biyan tsohuwar haya ba. Don haka kuɗin ruwan farko ya fi nauyi, yana raguwa yadda bashin yake raguwa.

Idan takarda ba ta faɗi kaso nawa cikin ɗari ake ɗorawa ba, akan haɗa lambobin biyan. Biya uku ne, sai a ce 3 da 2 da 1, jimilla 6. A raba miliyan 2.4 gida shida, kowane gida naira 400,000. Shekarar farko ta ɗauki gida uku, ta biyu gida biyu, ta uku gida ɗaya.

A biyan farko, miliyan 1.2 ta tafi shafin kuɗin ruwa, miliyan 1.6 ce kawai ta rage bashi, saura miliyan 4.4. A na biyu, naira 800,000 kuɗin ruwa, miliyan 2 ta rage bashi, saura miliyan 2.4. A na uku, naira 400,000 kuɗin ruwa, miliyan 2.4 ta share ragowar. A ƙarshen kowace shekara kuɗin ruwanta yana shiga lissafin riba da asara, ragowar bashin kuma ta tsaya a jerin basussuka. Abin da motar ta ci a shekarar farko ke nan miliyan 3, wato miliyan 1.2 ta ruwa da miliyan 1.8 ta raguwar daraja.

Wannan hanya kusantar gaskiya take yi. Idan an san ainihin kason, a buga shi a kan ragowar bashin kowane zango, hakan ya fi daidai, kuma shi ƙa'idojin lissafi na duniya suke nema. Idan biyan na wata-wata ne har wata 12, jimillar lambobin 78 ce, watan farko ya ɗauki gida 12.

Saboda haka kafin ka sa hannu, ka nemi a rubuta maka farashin lakadan a takarda. Dokar wannan ciniki ta Najeriya ta 1965 ta wajabta wa mai kaya ya bayyana shi, kuma idan babu shi ba ka da hanyar gane kuɗin ruwa. Ka nemi jadawalin biya, ka zana naka, ka gwada su. Kada ka cusa inshora da sabunta takardu a cikin kuɗin mota, kashe-kashen shekara ne. Idan ƙarshen shekararka ya faɗo tsakanin biya biyu, ka rubuta kuɗin ruwan watannin da suka wuce ko da ba a biya ba tukuna. Wanda ya guji kuɗin ruwa ya bi ta bankin Musulunci, shi ma ya ware farashin mota daga ribar bankin a littafinsa.

Awo biyu ne za su nuna maka ko ka yi daidai. Bayan biyan ƙarshe shafin bashi ya koma sifiri cif, kuɗin ruwan duk shekarun kuma su haɗu su ba da miliyan 2.4. A tsakiyar tafiya ma ka tambayi mai mota nawa yake binka na uwar kuɗi. Wanda ya raba daidai zai ga miliyan 4 a littafinsa bayan shekara guda, alhali ragowar ta kai wajen miliyan 4.4. Ranar da ya samu kuɗi ya je biyan bashin gaba ɗaya, a nan za a fara rantse-rantse a kan naira 400,000 da tun farko alƙalaminsa ne ya ɓatar da ita.